Hayar gona ta shekara 5: biya a farkon shekara ko a ƙarshe, nawa ne darajarta a yau?

Sani_Kadawa:
Salamu alaikum. Ina da tambaya ga masu lissafin kuɗi. Ƙungiyar manoman shinkafa a nan Kadawa za ta ɗauki hayar gona mai samun ruwan Tiga, shekara 5, naira 200,000 kowace shekara. Mai gonar ya ce in ana so a ba shi naira 700,000 yanzu gaba ɗaya a wuce wurin. Wasu na cewa ai an ci riba, tunda jimilla miliyan 1 ce. Wani ɗalibi kuma ya ce sai an fara sanin ko a farkon shekara za a riƙa biya ko a ƙarshenta, wai ɗaya sunansa odinari anuwiti, ɗaya kuma anuwiti diyu. To biya 5 ne ko ta ina aka ɓullo. Ina bambancin yake?

DanBunkure:
Wa alaikumus salam. Bambancin shi ne mai biya a farko yana biyan ƙarin shekara ɗaya, shi ya sa nasa ya fi tsada.

Malam_Akanta:
DanBunkure, nasa ya fi tsada kam, amma ba don ya yi ƙarin biya ba. Dukansu sau 5 za su biya, naira miliyan 1 cif. Ranar biyan ce kawai ta bambanta.

Malam Sani, abu na farko shi ne ku tsayar da abin da kuɗi ke haifa muku a shekara in suna hannunku. Mu ce ƙungiya na juya kuɗinta a sayen shinkafa da kaka a sayar daga baya, naira 100 tana zama 120 a shekara, wato kashi 20 cikin 100. Ke nan naira 120 ta baɗi daidai take da naira 100 ta yau a wurinku. Duk kuɗin da za a biya bayan shekara 1 sai a raba shi da 1.2, na bayan shekara 2 a raba shi da 1.2 sau biyu, haka har na biyar.

In a ƙarshen kowace shekara za a biya, wanda shi ne odinari ɗin, ga darajar kowane biya a yau:

```
200,000 / 1.2   = 166,666.67
200,000 / 1.2^2 = 138,888.89
200,000 / 1.2^3 = 115,740.74
200,000 / 1.2^4 =  96,450.62
200,000 / 1.2^5 =  80,375.51
                  598,122.43
```

In kuwa a farkon shekara ne, wanda shi ne diyu ɗin, biyan farko yau za a yi shi, ranar da aka sa hannu a takarda. Babu abin da za a rage masa, naira 200,000 ne cur. Sauran 4 za su faɗo bayan shekara 1, 2, 3 da 4, wato su ne layuka huɗun farko na sama, jimillarsu 517,746.92. A haɗa da 200,000, an samu 717,746.92.

Yanzu ku auna da tayin mai gona. In al'adar wurin biya a farko ce, nauyin da ke kanku ya kai 717,747 a kuɗin yau, shi kuma ya nemi 700,000, kun samu sauƙin kusan 17,700. In kuwa an yarda ku biya a ƙarshe, nauyin 598,122 ne kawai, ba shi 700,000 yanzu asarar sama da 100,000 ce. Tayi ɗaya, amma hukuncinsa ya juye saboda ranar biya.

Hajiya_Ladi:
Malam Akanta, ni abin da ya ɗaure min kai, shekara ɗaya tal aka matsar, amma rata ta kai kusan 120,000? Ya yi yawa a idona.

Malam_Akanta:
Hajiya, ki jera ranakun biyan a layi biyu. Mai biya a farko: yau, bayan shekara 1, 2, 3, 4. Mai biya a ƙarshe: bayan shekara 1, 2, 3, 4, 5. Huɗu na tsakiya iri ɗaya ne a wurin su biyun, rana ɗaya, kuɗi ɗaya, sai ki soke su. Abin da ya rage, wancan yana biyan 200,000 yau, wannan yana biyan 200,000 bayan shekara 5. Na bayan shekara 5 darajarsa a yau 80,375.51 ce. Ki cire ta daga 200,000, saura 119,624.49. Ratar ke nan. Don haka za ki iya kallonsa ta fuska biyu: ko dai kowane biya ya matso da shekara ɗaya, ko kuma biya guda ne aka ciro daga can ƙarshe aka kawo shi yau.

Hajiya_Ladi:
To yanzu na gani. Kamar mai ɗaukar farko da mai ɗaukar ƙarshe a adashi, zubi ɗaya, kwasa ɗaya, amma kowa na neman ta farko.

Zulai_Ringim:
Haka ne Hajiya, sai dai a adashi kuɗin kwasa ne ke matsawa, a nan kuma zubin ne.

Ga gajeriyar hanya ga mai jarrabawa ko wanda biyansa ya kai 30 ko 60, ba zai zauna yana raba ɗaya bayan ɗaya ba:

```
PV(ordinary) = PMT * (1 - (1 + r)^-n) / r
PV(due)      = PV(ordinary) * (1 + r)
```

PV shi ne darajar yau, PMT shi ne abin da ake biya kowane zango, r abin da kuɗi ke haifa a zango guda, n yawan biya. A nan r = 0.2, n = 5, abin da ake ninka PMT da shi ya zama 2.990612. A ninka da 200,000 a samu 598,122. A sake ninkawa da 1.2 a samu 717,747. Dalilin ninkawa da 1.2 shi ne kowane biya an rage masa rabawa sau ɗaya, tunda ya zo da wuri da zango guda.

DanBunkure:
To ai maganata ce ta dawo. Na lissafa na shekara 5, 598,122, na ɗora 200,000 na yau, na samu 798,122.

Zulai_Ringim:
Yaya DanBunkure, a nan ka biya sau 6, gona kuma shekara 5 aka ba ku. In za ka ware biyan yau ka ɗora shi daga baya, to n ɗin sauran 4 ne, ba 5 ba. Wannan kuskuren shi ya fi kayar da ɗalibai. Yadda za ka kama kanka: raba amsar biyan farko da ta biyan ƙarshe, dole ta ba ka 1 + r. Taka 798,122 in an raba da 598,122 tana ba da 1.33, alhali 1.2 ake nema.

Akwai masu yin akasin haka, su raba da 1.2 maimakon su ninka, su samu 498,435. Wannan adadin yana da ma'ana, amma ta wata yarjejeniya daban: wadda aka ɗaga wa mai haya ƙafa shekara guda, biyan farko sai ƙarshen shekara ta 2. Duk sanda ka ga amsar biya a farkon zango ta fito ƙasa da ta biya a ƙarshensa, an yi kuskure, matuƙar r ya wuce sifili.

Baba_MaiRitaya:
Jama'a ku yi hattara da anuwitin nan. In mutum ya yi ritaya, dokar fansho ta 2014 ta ba shi zaɓi, ko ya bar kuɗinsa wurin kamfanin fansho ana ba shi kaɗan-kaɗan, ko ya saya wa kansa anuwiti a kamfanin inshora ana biyansa wata-wata har ya koma ga Allah. Wanne daga cikin naku biyu ne na inshorar?

Malam_Akanta:
Baba, Allah ya ƙara girma. Sunan ɗaya ne, amma a lissafi duk wani biya mai adadi ɗaya da ake maimaitawa a tazara ɗaya ana ce masa anuwiti, ko hayar gona ce ko biyan bashin inji. Naku na inshora yana da ƙarin abu: ba a san yawan watannin da za a biya ba, sai an shigo da lissafin tsawon rai. Namu nan an san n tun farko. Amma tambayar farko ko ƙarshe tana nan a naku ma. Ku duba takardar: in kuɗin watan farko na shigowa da zarar an ƙulla, biyan farko ne. In sai wata ya cika, na ƙarshe ne. Da yake zangon wata ɗaya ne, ratar ba ta da yawa.

Baba_MaiRitaya:
Madalla. Na ɗauka maganar fansho ake.

Injiniya_Tiga:
Maganar ratar wata-wata da Malam ya taɓo tana buƙatar misali, don kada wani ya fita da tunanin cewa kullum kashi 20 ce. Ɗauki injin ban ruwa mai aiki da hasken rana da ake biya naira 50,000 duk wata har wata 12, a ce kuɗi na haifar kashi 2 cikin 100 a wata. In biyan farko sai bayan wata ɗaya da ɗaukar inji, darajarsa a yau 528,767. In ranar ɗauka za a fara biya, 539,342. Ratar 10,575 ce, kashi 2 cikin 100 daidai. Kullum ratar ribar zango guda ce, zangon shekara ya ba da rata babba, zangon wata ya ba da ƙarama.

Inda ake ɓarna shi ne a lissafa na wata-wata daidai, sannan wurin juyawa zuwa biyan farko a ninka da 1.24 na shekara, wato kashi 2 sau wata 12, maimakon 1.02 na wata. Sai amsa ta haura 655,000, alhali duk abin da za a biya gaba ɗaya 600,000 ne. Darajar yau ba ta taɓa wuce jimillar kuɗin da za a biya. In ta wuce, koma ka duba r.

Ga masu amfani da Excel a waya ko kwamfuta, na gonar Malam Sani:

```
=PV(0.2,5,-200000,0,0)
=PV(0.2,5,-200000,0,1)
```

Lambar ƙarshe ce ke faɗin lokacin biya, 0 ƙarshen zango, 1 farkonsa. In ka bar wurin babu komai, 0 zai ɗauka ba tare da ya tambaye ka ba. A kalkuletar BA II Plus kuma, in ka ga BGN a saman allo, tana kan biyan farko, kuma za ta zauna a haka ko an kashe ta an kunna. Duk lissafin da ya biyo baya zai fito da ƙari har sai ka mayar da ita END.

Sani_Kadawa:
Na gode ƙwarai. Amma namu ba farko ba ne, ba ƙarshe ba. A nan yawanci ana ƙulla magana kafin damina, wajen watan Mayu, a biya bayan an yanke shinkafa, wajen Nuwamba. Wanne za mu ɗauka?

Injiniya_Tiga:
Babu ko ɗaya, kuna tsakiya. Biyan farko bayan wata 6, na biyu bayan wata 18, haka har na biyar bayan wata 54. Tazarar tsakaninsu shekara-shekara ce, don haka ka fara da 598,122 ɗin nan, sannan ka matso da shi rabin shekara. Rabin shekara a kashi 20 shi ne `1.2^0.5`, wato 1.095445. Ka ninka, za ka samu kimanin 655,210. Har yanzu bai kai 700,000 ba, saura kusan 44,800. A wannan tsarin, biyan kaka-kaka ya fi muku sauƙi da ba shi dunƙule.

DanBunkure:
Me ya sa ba 1.1 ba? Rabin 20 ai 10 ne.

Injiniya_Tiga:
Saboda 1.1 sau 1.1 yana ba da 1.21, ya ɗan zarce 1.2. In ka yi da 1.1 za ka samu 657,935, bambancin bai kai naira 3,000 ba, ba zai canza shawara a nan ba. Don ciniki a bakin gona ya wadatar, don jarrabawa bai yi ba.

Ustaz_Garun:
Ina bin zancen tun ɗazu. Wannan kashi 20 ɗin da ake ta rabawa da shi, ba kuɗin ruwa ba ne aka sake wa riga?

Malam_Akanta:
Allah gafarta Malam, a lissafin nan babu wanda ya ranta wa wani kuɗi ya karɓi ƙari. Ma'auni ne da ƙungiya ke auna tayi biyu da shi, kuma daga ribar kasuwancinta aka ɗauko shi. Mai gona bai ma san da shi ba. Ai malamai da yawa sun halatta kaya su zama da farashin hannu da farashin ajali, in dai an tsaya a kan ɗaya lokacin ƙulla ciniki.

Ustaz_Garun:
Wannan haka yake, kuma haya ta halatta a biya ta a gaba ko a baya gwargwadon yarjejeniya. Inda nake jan hankali shi ne lokacin da ake zaɓin. In ba a ƙulla ba tukuna, mai gona ya ce ko 700,000 yanzu ko 200,000 duk shekara, aka zaɓi ɗaya, babu damuwa. In kuwa an riga an ƙulla a kan biyan shekara-shekara, daga baya aka ce rage min in biya ka yanzu, to an kusanci mas'alar da ake ce wa "rage ka gaggauta", wadda malaman Malikiyya suka hana a kan bashi, wasu malaman kuma suka halatta. Ko hayar shekarun da ba a riga an noma ba tana shiga hukuncin bashi, wannan a kai wa malamin fiƙihu da takardar a hannu.

Sani_Kadawa:
Ba a sa hannu ba tukuna, Malam.

Zulai_Ringim:
Mu koma kan kashi 20 ɗin, don shi ne ƙafar da duk lissafin ya tsaya a kai. In kuɗin ƙungiya kashi 10 kawai suke haifa, biyan ƙarshe ya zama 758,157, biyan farko 833,973. Duka biyun sun haura 700,000, sai a ba shi dunƙule ko ta wane tsari. In kashi 30 ne, 487,114 da 633,248, duka biyun ƙasa, kada a ba shi ko ta wane tsari. A tsakanin nan ne, wajen kashi 20, ranar biya ke yanke hukunci. Don haka kafin a yi gardamar farko ko ƙarshe, a buɗe littafin ma'aji a ga abin da kuɗin suka haifa a shekarun baya bayan an cire kuɗin sito, dako, buhu da maganin ƙwari.

Hajiya_Ladi:
Kuma kada a ɗauki shekarar da farashi ya yi tashin gwauron zabi a Dawanau a ce ita ce ma'auni. Akwai shekarar da mai ajiya ke sayarwa ƙasa da yadda ya saya. In kuɗin kuwa a asusu suke kwance ba a juya su, me suke haifa? Babu. A nan miliyan 1 miliyan 1 ce, 700,000 kuma garaɓasa.

Malam_Akanta:
A takarda haka ne, Hajiya, in r sifili ne farko da ƙarshe duk ɗaya. Sai dai kuɗin da ke kwance tsadar kaya na cin su, ita kuma hayar an ƙulle ta a 200,000. Buhunan shinkafar da za a sayar a biya 200,000 a shekara ta biyar ba za su kai na bana yawa ba in farashi ya ci gaba da hawa. Wannan yana ƙara wa jinkirin biya daraja a wurin mai haya, in dai daga amfanin gonar zai riƙa biya.

Hajiya_Ladi:
Ban gamsu gaba ɗaya ba. In kuɗin na kwance, su ma ai tsadar na cin su, gara a miƙa su yau a huta da 300,000.

Malam_Akanta:
In da gaske kwance za su ci gaba da zama, kin fi ni gaskiya. Amma ƙungiyar da ke da 700,000 a kwance ga taki ana nema, matsalarta ta wuce ta anuwiti.

Malam Sani, ga hanyar da za ka nuna wa 'yan ƙungiya a taro ba tare da wata fomula ba. A ce an ware 717,747 yau. A biya 200,000, saura 517,747, a juya shekara guda su zama 621,296. A biya 200,000, saura 421,296, su zama 505,556. A biya, saura 305,556, su zama 366,667. A biya, saura 166,667, su zama 200,000 cif, a yi biyan na biyar, asusu ya koma babu ko kwabo. Ma'anar darajar yau ke nan: kuɗin da in an ware su yanzu za su ɗauki nauyin biyan duka su ƙare daidai. Ka gwada da 598,122, amma ka fara da juyawa kafin biya, shi ma zai ƙare a sifili bayan na biyar.

DanBunkure:
To in mai gona ya ce shi bai yarda da biyan ƙarshe ba sai an ƙara masa, nawa ne adalci?

Zulai_Ringim:
A kashi 20, naira 200,000 a farkon shekara daidai take da 240,000 a ƙarshenta. Ka ninka 240,000 da 2.990612, 717,747 ɗin nan za ta fito. In biyan kaka ne bayan wata 6, kimanin 219,000. Duk abin da ya nema ƙasa da haka, jinkirin ya fi muku.

Injiniya_Tiga:
Abu ɗaya da lissafin bai gani ba: wanda ya biya shekara 5 a gaba shi ke ɗauke da haɗari. In aka rufe ruwa don gyaran magudana rani guda, ko mai gona ya rasu magada suka zo rabon gado, kuɗi sun riga sun fita. Sauƙin 17,700 bai kai a ɗauki wannan ba sai da takarda mai shaidu da sa hannun dagaci, a rubuta abin da za a mayar in an rasa shekara. Shi kuma mai gona, biyan ƙarshe na nufin in ambaliya ta cinye shinkafa zai yi ta bin ku, shi ya sa masu gona ke son a fara biya kafin a sa garma.

Sani_Kadawa:
Na tambayi shugaba yanzu. Ya ce mai gonar yana son na shekarar farko a hannu ranar sa hannu, sauran 4 kuma duk kaka, farawa daga kakar baɗi. Wannan kuma wane ne?

Zulai_Ringim:
Gauraye ne. Na farko 200,000 yadda yake. Sauran suna faɗowa bayan wata 18, 30, 42 da 54, wato 517,747 ɗin nan a raba da 1.095445, a samu kimanin 472,636. Jimilla 672,636. Amma ka tabbatar kakar baɗi yake nufi ba ta bana ba, don in ta bana ce ninkawa za a yi ba rabawa ba, amsar ta koma 767,163, ta tsallake 700,000 ɗin.

Sani_Kadawa:
Bari in sake kiransa.